Riba miliyan 21, banki miliyan 4: yadda ake fitar da bayanin shige da ficen kuɗi ta hanyar zagaye

A watan Janairu, lokacin da sanyin Jos ke hana mutum riƙe biro da kyau, na kai wa wani Alhaji lissafin shekararsa. Yana da masana'antar haɗa abincin kaji a hanyar Bukuru. Ya duba takardar riba da asara, ya ga ribar naira miliyan 21 bayan haraji, ya gyaɗa kai. Sai ya ɗauko wayarsa ya nuna min saƙon banki, miliyan 4 da 'yan canji.

"Malam, bara war haka ina da miliyan 15. Yanzu ka ce na ci ribar 21. To kuɗin suna ina?"

Na ce, "Alhaji, a ba ni zuwa la'asar."

Amsar wannan tambaya ita ce takardar da akantoci ke kira kash fulo, wato bayanin shige da ficen kuɗi. Ƙa'idar da ke kula da ita ita ce IAS 7, kuma ta yarda da hanya biyu. Ta kai tsaye tana bin kowane kuɗi da ya shiga ko ya fita, abin da ke buƙatar littafin kuɗi gaba ɗaya. Ta zagaye kuwa daga riba take tashi, ta yi ta gyara ta har ta koma tsabar kuɗi. Ita aka fi amfani da ita, domin takardu uku sun kusa isar ta: takardar kadara da bashi ta bara, ta bana, da takardar riba da asara ta shekarar da ke tsakaninsu. Na ce "sun kusa" da gangan, za ka ga dalili a gaba.

Alkaluman da ke ƙasa na daidaita su ne don su yi sauƙin bi, duk a miliyoyin naira.

| Takardar kadara da bashi | 2023 | 2024 | Bambanci |
|---|---|---|---|
| Injina da motoci, bayan ragin tsufa | 80 | 98 | +18 |
| Haja a sito | 30 | 52 | +22 |
| Bashin da muke bi | 20 | 34 | +14 |
| Kuɗi a banki da hannu | 15 | 4 | −11 |
| Jimlar kadara | 145 | 188 | |
| Jari | 60 | 70 | +10 |
| Ribar da aka tara | 35 | 50 | +15 |
| Rancen banki | 25 | 35 | +10 |
| Bashin da ake bin mu | 18 | 23 | +5 |
| Harajin da ba a biya ba | 6 | 8 | +2 |
| Kuɗin ruwa da ba a biya ba | 1 | 2 | +1 |
| Jimlar jari da bashi | 145 | 188 | |

Takardar riba da asara ta 2024 kuma ga abin da ta ce: ciniki 240, kuɗin kayan da aka sayar 170, kuɗaɗen gudanarwa 26, ragin tsufan kadara 12, ribar sayar da tsohuwar mota 3, kuɗin ruwa 5. Riba kafin haraji ta zama 30, haraji 9, abin da ya rage 21.

Fara da layin bambanci

Kafin ka rubuta komai, ja wannan layin na huɗu. Idan a Excel kake aiki, kuma bara tana B, bana tana C, to wannan ne kawai:

```
=C2-B2
```

Sai ka ja shi ƙasa. Aikin gaba ɗaya a kan wannan layi yake. Tunda ɓangarori biyu na takardar sun daidaita a bara kuma sun daidaita a bana, dole bambance-bambancensu ma su daidaita. Ma'ana, canjin da kuɗi suka yi daidai yake da canjin jari da bashi, in an cire canjin sauran kadarori. Gwada: ɓangaren jari da bashi ya ƙaru da 43, kadarorin da ba kuɗi ba sun ƙaru da 54, bambancinsu −11. Ke nan ka riga ka san amsa tun kafin ka fara. Abin da ya rage shi ne ka raba wannan −11 ɗin gida uku: ayyukan yau da kullum, zuba jari a kadara, da samo kuɗin gudanar da kamfani. Ni ɗabi'ata, duk layin da na gama bayaninsa sai in sa masa alama da jan biro. Layin da ya rage babu alama, nan kuskurena yake.

Ƙa'ida ɗaya za ka riƙe game da alamar tarawa da ɗebewa. Kadara in ta ƙaru, kuɗi ta ci, sai a ɗebe. Bashin da ke kanka in ya ƙaru, kuɗi ya bar maka a aljihu, sai a tara. In sun ragu, sai a juya.

Gida na farko: ayyukan yau da kullum

Ka tashi daga riba kafin haraji, 30, ba daga 21 ba. Dalili shi ne harajin da aka rubuta a takarda daban, wanda aka biya a zahiri daban, kuma wanda aka biya muke so mu nuna a ƙasa.

Gyara na farko shi ne ragin tsufa, 12. An ɗebe shi daga riba, amma babu wanda aka miƙa wa ko sisi. Injin niƙa ya ƙara shekara ɗaya, akanta ya rage darajarsa a littafi, shi ke nan. Don haka a mayar da shi: 30 da 12, 42. Ɗalibai kan ce ragin tsufa "yana kawo kuɗi". Ba ya kawowa. Mayar da abin da muka ɗebe muke yi, tunda tun farko bai fita ba.

Na biyu shi ne ribar motar, 3, kuma nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe. Motar ɗaukar kaya ce da darajarta a littafi ta koma 4, aka sayar da ita 7. Kuɗin da suka shigo 7 ne, kuma dukkansu gida na biyu za su tafi, domin sayar da mota ba sana'ar Alhaji ba ce. In ka bar 3 ɗin a cikin riba, sannan ka rubuta 7 a gida na biyu, ka ƙirga 3 sau biyu. Saboda haka a ɗebe ta a nan: 39. Da asara aka yi a motar, da tarawa za a yi.

Na uku kuɗin ruwa, 5. Shi ma a mayar da shi tukuna, saboda dalilin da ya sa muka tashi daga riba kafin haraji: abin da aka rubuta ba shi ne abin da aka biya ba. Mun kai 44. Wannan ita ce ribar aiki kafin canjin kuɗin jujjuyawa, wato abin da masana'antar za ta samar da a ce kowa hannu da hannu yake ciniki, kuma sito bai ƙaru ba bai ragu ba.

To amma ba haka kasuwa take ba, balle kasuwar abincin kaji. Daga Oktoba zuwa Disamba ake kakar masara, lokacin da take da sauƙi, kuma duk mai hankali a wannan sana'a cika sitonsa yake yi daga kasuwanni irin su Jengre da Saminaka. Alhaji ya yi haka, haja ta tashi daga 30 zuwa 52. Wannan 22 ɗin ba ta taɓa riba ba ko kaɗan, domin takardar riba kayan da aka sayar kawai take ɗebewa. Amma kuɗi sun fita, suna nan jibge a buhuna. A ɗebe 22.

Sai masu gonakin kaji da suka ɗauki abinci bashi don kiwon kajin Kirsimeti, da alkawarin biya in sun sayar. Ranar da aka loda musu mota aka rubuta ciniki, riba ta hau, alhali kuɗin ba su zo ba. Bashin da muke bi ya ƙaru da 14. A ɗebe 14.

A ɗaya ɓangaren, dillalan masara da waken soya su ma sun ɗaga wa Alhaji ƙafa. Abin da suke bin sa ya tashi daga 18 zuwa 23. Kaya sun shigo, kuɗi ba su fita ba. A tara 5. Lissafi ya zama 44 − 22 − 14 + 5, wato 13.

Saura kuɗin ruwa da haraji da aka biya a zahiri. Ba a rubuce suke a ko'ina cikin takardun uku ba, fito da su ake yi, kuma dabarar ɗaya ce:

```
abin da aka biya = bashin farkon shekara + na bana − bashin ƙarshen shekara
```

Haraji: an shigo shekara da bashin 6, bana ta ƙara 9, an fita da bashin 8. An biya 7. Kuɗin ruwa: 1 da 5, a cire 2, an biya 4. In kamfaninka yana da harajin da aka jinkirta a takardarsa, haɗa shi da wannan lissafi a farko da ƙarshe, in ba haka ba adadin zai karkace. Daga 13 a cire 4 da 7, saura 2.

Dakata ka dubi wannan adadi. Masana'antar da ta yi cinikin miliyan 240 ta kuma ci ribar 21, tsabar kuɗin da aikinta ya bar mata a shekara guda miliyan 2 ne.

Gida na biyu: kadara

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne a ɗauki bambancin 18 a rubuta shi a matsayin kuɗin sayen injina. Wannan 18 ɗin abubuwa uku ne a cakuɗe: an saya, an sayar, an kuma rage tsufa. Sai ka warware su. An fara da 80. Tsufa ya ci 12, saura 68. Mota ta fita da darajarta ta littafi, 4, ba da kuɗin da aka sayar da ita ba, saura 64. Amma takarda ta ce an rufe shekara da 98. Ke nan an sayi kadara ta 34. Da na duba rajistar kadara, sai ga shi: sabon injin murza abinci zuwa ƙwayoyi da kuma babban janareta.

Ka lura da cewa darajar motar a littafi da kuɗin sayar da ita ba su fito ƙarara a takardun ba. Ribar 3 kawai muka gani. Dole ka nemi ɗaya daga cikin biyun a rajista ko a rasit, sai ɗayan ya fito da kansa. Haka kuma in an sake kimanta darajar fili ko gini a cikin shekarar, ƙarin da aka samu ba saye ba ne, cire shi kafin ka fitar da adadin saye.

Gida na biyu ke nan: an kashe 34, an karɓi 7, jimla −27. A rubuta su layi biyu daban, kada a haɗe.

Gida na uku: inda aka samo kuɗi

Jari ya ƙaru da 10. Tambayi yadda aka yi. A wurinmu ƙanin Alhaji ne ya shigo da kuɗi ya karɓi hannun jari, don haka kuɗi ne na gaske. Da a ce hannun jari na kyauta aka raba daga ribar da aka tara, ko kuma wani ya ba da fili aka ba shi hannun jari, da babu abin da za a rubuta a nan, sai dai a yi bayaninsa a ƙarin bayanan lissafi.

Rance ma ya ƙaru da 10, amma takardar banki ta nuna an karɓi sabo na 18, an biya 8 daga tsohon. Su ma layi biyu ne. Ma'aikacin bankin da zai karanta wannan takarda yana son ya ga ko kana biyan tsohon bashi, ko sabo kake ta ɗorawa.

Sai rabon riba, wanda shi ma fito da shi ake yi. An fara da tarin riba 35, bana ta ƙara 21, ya kamata a ga 56. An ga 50. Shida sun fita zuwa ga masu kamfani. A ƙananan kamfanonin iyali wannan layi yakan jawo magana, domin mai gida ba ya kallon kuɗin makarantar yara ko kujerar Umara da ya cira daga asusun kamfani a matsayin rabon riba. Alhaji ma sai da ya ce, "Ni na ɗauki miliyan shida? Yaushe?" Na buɗe masa takardar banki wata-wata, ya yi shiru, can ya ce, "Allah Ya kyauta."

Jimlar gida na uku: 10 + 18 − 8 − 6, wato 14. Ga takardar a haɗe:

| Bayanin shige da ficen kuɗi, 2024 | |
|---|---|
| Riba kafin haraji | 30 |
| Ragin tsufa | 12 |
| Ribar sayar da mota | −3 |
| Kuɗin ruwa | 5 |
| Ƙaruwar haja | −22 |
| Ƙaruwar bashin da muke bi | −14 |
| Ƙaruwar bashin da ake bin mu | 5 |
| Kuɗin ruwa da aka biya | −4 |
| Harajin da aka biya | −7 |
| Daga ayyukan yau da kullum | 2 |
| Sayen injina | −34 |
| Sayar da mota | 7 |
| Daga kadara | −27 |
| Sabon jari | 10 |
| Sabon rance | 18 |
| Biyan rance | −8 |
| Rabon riba | −6 |
| Daga samo kuɗi | 14 |
| Canjin kuɗi a shekara | −11 |
| Kuɗin farkon shekara | 15 |
| Kuɗin ƙarshen shekara | 4 |

In bai daidaita ba

Kada ka soke komai ka sake daga farko. Dubi girman giɓin tukuna, shi zai faɗa maka inda matsalar take. Raba shi biyu, ka nemi wannan adadi a layin bambanci: in giɓin 10 ne, wataƙila 5 ta masu bin mu ka ɗebe maimakon ka tara, domin juya alama ninka kuskure yake yi. In giɓin daidai yake da wani adadi, kamar 3, to ka manta da shi ne gaba ɗaya, kuma sau da yawa ribar sayar da kadara ce. In giɓin yana rabuwa da 9 babu saura, duba ko ka juya lambobi wajen kwafa, kamar 34 ta koma 43. In kuma ya yi daidai da harajin shekara, to daga 21 ka tashi, sannan ka sake ɗebe haraji a ƙasa.

Wani wurin ruɗani shi ne ma'anar "kuɗi" kanta. Ajiyar banki ko takardar lamunin gwamnati da wa'adinta bai wuce wata uku daga ranar saye ba ana iya haɗa ta da kuɗi. Wadda ta kai wata shida ko shekara, gida na biyu take zuwa. Asusun da banki ya yarda ka zarce abin da ke ciki, in yana yawo ne tsakanin akwai da babu kuma banki zai iya neman kuɗinsa kowane lokaci, ana ɗebe shi daga kuɗi. In kuwa ya zauna a ja shekara da shekaru, rance ne, a kai shi gida na uku.

Masu shirin jarrabawar akantoci ta ICAN, da 'yan kwalejin akantoci ta ANAN da ke Kwall, su kula da wani canji. IAS 7 ta daɗe tana ba da zaɓi: kuɗin ruwa da aka biya ana iya sa shi a gida na farko, kamar yadda na yi, ko a na uku, muddin ba a sauyawa duk shekara. Da zuwan sabuwar ƙa'idar IFRS 18, wadda za ta fara aiki daga 1 ga Janairu 2027, kamfani irin na Alhaji zai tashi ne daga ribar aiki, wato a nan riba kafin kuɗin ruwa da haraji, a misalinmu 35, kuma kuɗin ruwa da rabon riba da aka biya duk gida na uku za su zauna. Jimlar −11 ba za ta motsa ba, amma gida na farko zai nuna 6 maimakon 2.

Daidaituwa ba hujja ba ce

Na kai wa Alhaji takardar bayan la'asar ina jin na gama, tunda 4 ta haɗu da 4. Muna cikin dubawa sai ya ce, kamar da wasa, "Ai mutumin Legas ɗin nan da ya kawo injin har yanzu yana bin mu miliyan uku."

Gabana ya faɗi. Na buɗe jerin masu bin mu bashi, ga sunan kamfanin injin a tsakiyar dillalan masara. Ma'ana, cikin ƙarin 5 da na tara a gida na farko, 3 ba na masara ba ne, na inji ne. Ƙarin bashin haja na gaskiya 2 ne kawai. Kuɗin da aka biya na injina kuma 31 ne, ba 34 ba, tunda 3 ba su fita ba tukuna. Gida na biyu ya koma −24. Gida na farko ya sauka daga 2 zuwa −1. Jimla tana nan −11, ko gezau ba ta yi ba, domin kuskuren ya tara a wani gida ya ɗebe a wani. Babu wani gwajin lissafi da zai kama irin wannan. Sai ka buɗe jerin masu bin bashi da waɗanda ake bi, suna bayan suna, ka tambayi kowane babban adadi na mene ne. Haka za ka yi da kuɗin kafin alkalami da aka ba mai kawo inji, wanda sau da yawa ake cusa shi cikin bashin da muke bi.

Bambancin 2 da −1 ba ƙarami ba ne ga mai karatu. Na farko yana cewa sana'ar ta ciyar da kanta da kyar. Na biyu yana cewa ba ta ciyar da kanta ba, kuma injina, rabon riba, har da wani ɓangare na masarar da ke sito, duk da rancen banki, da kuɗin ƙanin Alhaji, da kuɗin bara da ke ajiye aka yi su. Wannan kaɗai ba ya nufin kamfani na mutuwa. Masarar za a niƙa ta a sayar kafin damina, sau da yawa bayan farashi ya tashi, kuma rufe littafi a Disamba yana kama irin wannan sana'a a daidai lokacin da sitonta ya fi cika. Abin da ya fi damuna shi ne 14 ɗin nan. Bashin da muke bi ya ƙaru da kashi 70 cikin ɗari a shekara guda. Na raba 34 da cinikin 240, na ninka da 365, ya ba ni kusan kwana 52, alhali Alhaji ya ce wata guda yake ba mutane. Sai na roƙe shi ya sa a fitar min da jerin masu bashin gwargwadon daɗewarsu: na ƙasa da kwana 30, na 30 zuwa 90, da waɗanda suka haura haka.

Ya ɗaga waya ya kira mai kula da sito. "Kawo min littafin 'yan bashi. Har da tsohon, wanda ke cikin durowa."